Ranar da Na Auna Mangwaron Yayana

Shekarar da azumi ya faɗo daidai lokacin mangwaro, ina aiki a wata 'yar masana'anta a bakin garin Bodinga, inda ake markaɗa mangwaro a dafa ruwan a ɗura a kwalabe. Masana'anta dai sunan girma ne. Rumfar kwano ce babba, da injin markaɗe, da tukwanen dafuwa, da mata masu wanki da feraya. Mai wurin wani Alhaji ne da ke zaune a Sakkwato, muryarsa muka fi sani a waya. Ni kuma an ba ni ɗaki a gefe, bai fi shagon tela ba, da taga ɗaya da tebur da randa. Aikina in auna kayan da manoma suka kawo, in ce a karɓa ko a mayar. Mai irin wannan aiki ba ya tara abokai, kuma ni dama ba gwanin tara su ba ne.

Ina haya a wani ɗaki bayan tasha. Ban yi aure ba lokacin, iyayenmu kuma sun daɗe da rasuwa. Mutanen Bodinga suna gaishe ni da mutunci, su ce malamin awo, amma gaisuwar a bakin hanya take ƙarewa. Idan na tsaya a majalisar masu lambu sai hirar ta koma ta zafin rana. Da azumi ya kama, ni kaɗai nake shan ruwa a ƙofar ɗakina, da ƙosan da na saya a leda da kunun da ya huce tun a hanya.

Abin da ke riƙe da ni a mako shi ne Juma'a. Ana tashi aiki sai in hau mota zuwa Shagari, gidan yayana. Shi ya raine ni tun ina ƙarami, shi ya riƙe lambun mangwaron da mahaifinmu ya bari, da shi ya tura ni makaranta har na karanto wannan awon. Auta yake ce mini, ko a gaban mutane, ko da gemu ya fito mini. Mutum ne mai faɗa da yawan dariya, mai son a san ƙanensa ya yi karatu. Gidansa ne kaɗai wurin da ni ba baƙo ba ne a duniya, kuma na san haka tun kafin abin da zan faɗa ya faru.

Awon namu kashi biyu ne. Na farko zaƙi. Akwai wata 'yar na'ura mai kama da guntuwar tocila, rifiraktomita sunanta, matan rumfa kuwa suna ce mata madubin Malam. Kowace safiya nakan ɗiga mata tataccen ruwa in tabbatar layinta yana kan sifili, in goge. Sai in markaɗa mangwaro, in tace da ƙyalle mai tsabta, in ɗiga ruwan a kan gilashinta, in rufe murfin, in ɗaga ta wajen taga in leƙa. A ciki za ka ga sama shuɗi, ƙasa fari, inda suka haɗu nan ne lambar. Lambar tana faɗin yawan abin da ya narke a ruwan, wanda mafi yawansa sukari ne. Birikis ake kiranta. Zafin ƙasarmu yana iya karkata ta, shi ya sa nake ajiye na'urar da kofin gwaji a gindin randa su huce kafin in duba.

Na biyu tsami, shi ne mai cin rai. In auni mili goma na ruwan, wato kamar cokalin shayi biyu, a kwalba, in ƙara tataccen ruwa don rawayar mangwaro ta yi haske, in sa ɗigon wani magani marar launi. Sannan in cika dogon bututun gilashi mai famfo a ƙasa da ruwan soda, irin sodar da mata ke sabulu da ita amma mai tsabta, wadda aka san ƙarfinta daidai. In riƙa sakin ta ɗigo ɗigo ina juya kwalbar. Sodar tana kashe tsamin. Da tsamin ya ƙare sai ruwan ya juya ya ɗauki ruwan hoda kaɗan, ya tsaya a haka bai koma ba. Nan zan rufe famfo in karanta sodar da ta tafi. Yawan sodar shi ne yawan tsamin, akwai ɗan lissafin da ke mayar da shi kashi cikin ɗari. Kwalbar sodar kuwa ba na barin ta a buɗe, don iska tana rage mata ƙarfi, sai ta ɗora wa mangwaron bawan Allah tsamin da ba nasa ba.

Daga nan sai a raba zaƙin da tsamin. Abin da ya fito shi ne hukunci. Wannan ne manoma suka kasa yafe mini, don su a ganinsu zaƙi shi ne magana. Nakan ce musu su tuna kunun tsamiya: cokalin sukari ɗaya ne, amma idan tsamiya ta yi yawa ba mai jin sa. Harshe ba ya jin zaƙi shi kaɗai, yana jin yadda suka zauna ne da tsami. Alhaji ya yanke mana talatin. Ƙasa da talatin ruwan yana kama haƙori, ba mu karɓa. Idan kuma ya haura saba'in ya zama salam, sai an gauraya shi da mai ɗan tsami.

Akwai kuma wani abu da ba a koya mini a makaranta ba. A wurinmu idan ka je lambun mutum, ba kwando zai tura maka ba. Zai duba da kansa, ya zaɓo wanda ya fi kyau, ya goge a rigarsa, ya miƙo maka. Kai kuma ka karɓa da hannu biyu. Haka aka rene mu. To manomi idan ya kawo kaya awo, haka yake yi, ya zaɓo na kirki ya miƙo. Ba ha'inci ba ne, girmamawa ce. Ni kuma aikina ya ce kada in karɓa. Sai in sa hannu da kaina in ɗebo daga sama, da tsakiya, da can ƙasan kwando, daga kwanduna daban-daban, in haɗa in markaɗa gaba ɗaya, don injin ba mangwaro ɗaya zai markaɗa ba. Wani dattijo daga Sifawa ya taɓa tsayawa da hannunsa a miƙe yana kallona har na gama ɗiba, sannan ya jefa mangwaron a aljihu. Bai sake amsa sallamata da sakin fuska ba.

A sauran watanni akwai mai raba gardama. Shugabar matan rumfa, wata dattijuwa da kowa ke ce wa Inna, takan kurɓi ruwan da na gwada, ta yamutsa fuska ko ta gyaɗa kai, manomi ma ya kurɓa ya ji da bakinsa. Da azumi kuwa ba mai sa komai a harshe. Inna ta ce ita ba za ta yi wasa da azuminta saboda mangwaron wani ba. Sai ya zama daga ni sai madubina da bututuna, kuma duk wanda aka mayar wa kaya ya tafi yana ganin ni na ƙi shi.

Cikin makon farko na azumi Yaya ya aiko mini da ƙaramin kwando ta hannun wani direba, ya ce in auna in gani ko nasa zai shiga. Tun kafin in buɗe ƙamshi ya cika ɗakin. Na san bishiyoyin da suka fito, na gefen rijiya, masu shan rana tun safe. Zaƙi sha shida. Soda mili biyar kacal ta ci, tsami bai kai sulusin kashi ɗaya ba. Da na raba, hamsin. Ni kaɗai a ɗaki na yi murmushi kamar ni na haifi mangwaron.

Na gaya wa Alhaji, ya ce a kawo. Ranar Juma'a na gaya wa Yaya muna zaune bayan shan ruwa. Na ce masa a hankali, har na maimaita, irin waɗannan ake so, waɗanda suka ƙosa, a tsinko su kashi kashi yadda suke nuna.

Ya ce, "Auta, ni zaka koya ma tsinkar mangwaro? Tun ba a haihe ka ba nika hawan itacen ga."

Aka yi dariya, ni ma na yi. Ya juya yana gaya wa maƙwabcinsa cewa ƙanensa ya auna mangwaronsa da na'urar Turawa ta ba shi hamsin. Maƙwabcin bai san hamsin ɗin mene ne ba, amma ya ce madalla.

Abin da ya biyo baya daga baya na ji shi. Hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma-yamma, irin wanda ba ya kawo ruwa sai iska, kuma iska ɗaya tana iya zubar da rabin lambu a ƙasa. Jemagu ma sun sa lambun Yaya gaba. Ga motar ɗaukar kaya sau ɗaya ya samu. Sai ya yi abin da kowane mai lambu a Shagari yake yi idan ya samu mai saye: ya tara mutane da gora, suka sauke lambun kaf a yini guda, nunanne da ɗanye. Aka jera a kwanduna, aka yi wa kowane kwando fuska da jajayen a sama, yadda ake kai wa kasuwa.

Da hantsi motar ta shigo. Ina ɗaki na ji muryar Yaya tun daga ƙofa yana gaisawa da mata, yana tsokanar Inna wai ta tsufa ta bar wa yara wuƙa. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ranar kuwa ba Juma'a ba ce. Akwai wasu masu lambu biyu daga Dingyaɗi a zaune a inuwa suna jiran nasu awon. Na fito na durƙusa na gaishe shi. Ya dafa kaina, ya juya ya ce musu, "Wanga ƙanena na. Ni nir rene shi."

Sannan ya je bakin mota, ya duba, ya zaɓo ɗaya, ya goge a hannun rigarsa, ya miƙo mini.

"Ungo, Auta. Auna wanga."

Na ga hannun. Na kuma ga mutanen Dingyaɗi sun bar hira suna kallo, don ɗaya daga cikinsu na mayar masa da kaya a makon da ya wuce, kuma shi ma sai da ya miƙo mini nasa. Da na karɓi na Yaya, da kafin la'asar labari ya kai kowace majalisa cewa awon malamin na bare ne kawai. Ba wannan ne ma ya fi damuna ba. Tun daga inda nake tsaye ina hango kore ta ramukan kwandunan ƙasa.

Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ni ka ɗiba da kaina. Haka dokar wurin ga take."

Bai sauke hannun nan da nan ba. Ya ce, "Doka? Tsakanina da kai?"

Na hau motar. Na ture fuskar kwando na zura hannu har gwiwar hannu, abin da na taɓo tauri gare shi kamar dutse. Na bi kwanduna ina ɗiba, gaba da baya da tsakiya, na cika roba. Har matan rumfa sun dakata da feraya. Da na sauko ya riga ya ajiye mangwaron a kan bangon rijiyar masana'antar.

Na shiga ɗaki na tura ƙofa. Na fere, na markaɗa, na tace. Launin ma ya gaya mini, don rawayar ta yi fari-fari. Na ɗiga, na ɗaga wajen taga. Sha ɗaya. Na goge na sake, sha ɗaya. Na cika bututu na fara sakin soda. Ta wuce biyar, inda na kwanakin baya ya juya, ruwan ko gezau. Ta wuce goma. Ina juya kwalbar ina roƙon Allah a zuciyata, ni da na san ba a roƙon soda. Sai a sha bakwai ya ɗauki ruwan hoda ya tsaya. Tsami ya haura kashi ɗaya. Sha ɗaya a raba da wannan, goma ke nan. Na zubar, na wanke kwalba, na buɗe sabuwar soda ko tsohuwar ce ta sha iska, na sake tun daga farko. Goma ta sake fitowa. Na zauna a kan kujera na daɗe, ina jin muryarsa a waje ya koma ba mutanen Dingyaɗi labarin yadda nake kuka ranar da ya fara kai ni makaranta.

Na so in kira shi ciki mu yi magana mu biyu. Ya ce a'a, in faɗa a nan, ba abin ɓoyo. Na faɗa.

Ya ce, "Goma? Kai da bakinka kac ce hamsin."

"Wancan hamsin na, Yaya. Wanga an haɗa da ɗanye. Zaƙi ya ragu, tsami ya yi yawa."

"To ku zuba sukari mana. Ba ku da sukari?"

Na ce masa ɗanyen mangwaro ba sukari kaɗai ya rasa ba. Garin da ke cikinsa bai juye ya zama zaƙi ba tukuna, in an dafa sai ya yi kauri kamar koko, ga shi ba ƙamshi. Na ce amma ba a yi asara duka ba. Waɗanda suka ƙosa kafin a tsinke su za su ci gaba da nuna a inuwa, zaƙin ya hau, tsamin ya sauka. A sauke a baza, in riƙa aunawa, in ya kai a karɓa.

Bai ji wannan ba sam. Idonsa yana kan mutanen Dingyaɗi, su kuma sun sunkuyar da kai suna wasa da ƙasa.

Ya ce, "Ƙarhe da gilashi ba su shan mangwaro. Ba ni tahiya sai an sha ruwa. In kurɓa da bakina, in ji abin da kaka hwaɗi."

Ya sa aka sauke kayan don direba yana sauri, ya shimfiɗa buzunsa a gindin bango ya zauna. Haka muka yini. Na auna na mutanen Dingyaɗi, nasu ya shiga, abin da ya ƙara ɓata lamarin. Suka tafi suna yi masa sallama da murya ƙasa ƙasa. Muka yi azahar a sahu ɗaya, muka yi la'asar, bai dube ni ba. Na kawo masa tabarma ya ce buzun ya isa. Mata suka tashi aiki, Inna ta tsaya a ƙofar ɗakina ta ce a hankali, "Malam, da ka karɓi na hannunshi ko ba ka auna shi ba." Na ce mata da na karɓa, da ya ce shi za a auna. Ta ce ita dai ta faɗi nata, ta ja mayafi ta tafi.

Da rana ta yi ja na sake markaɗa sabo a gaban Yaya, daga cikin robar da na ɗiba, na tace na zuba a kofi na ajiye tsakaninmu. Na kawo dabino da ruwan randa. Aka kira salla daga masallacin bakin hanya. Ya ci dabino, ya sha ruwa, ya ɗauki kofin. Ina kallon maƙogwaronsa. Ya kurɓa, ya tsaya, na ga gefen idonsa ya matse duk da ƙoƙarin da yake yi. Sannan ya kafa kai ya shanye tas, ya kife kofin a ƙasa.

Na jira ya ce wani abu, ko zagi ne. Da ya zage ni da na ji sauƙi, don zaginsa na saba da shi tun ina yaro, kuma ba ya kwana. Sai ya tashi ya kakkaɓe buzu, ya yi magariba shi kaɗai a gefe. Da ya sallame ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ga su nan. Ka yi ta awo." Ya fita bakin hanya ya tari mota.

Washegari ni da matan muka baza mangwaron a inuwar rumfa a kan buhuna. Muka ware ƙananan da ba su ƙosa ba, masu farar ƙwallo mai taushi, waɗanda ko shekara za su yi sai dai su yanƙwane. Sun kai kusan kashi ɗaya cikin uku. Sauran na riƙa bi kowace safiya ina ɗiba nan da can, in shiga ɗaki in tura ƙofa. Ban taɓa jin kaɗaici irin na waɗannan safiyoyi ba. Ga lambun gidanmu gaba ɗaya a shimfiɗe a bakin ƙofata, ƙamshinsa yana ƙaruwa kullum, ina gane 'ya'yan wace bishiya ce wannan, wace ce waccan, amma in na kira wayar mai lambun sai ta yi ta ƙara har ta katse. Layin cikin madubi ya riƙa hawa a hankali, sodar da ake ci tana raguwa. Rabon ya tashi daga goma ya haura sha biyar, ya wuce ashirin. Kowace lamba sai in ji kamar in ɗauka in ruga in nuna wa wani, sai in tuna ba kowa. Juma'a ta zo ban je gida ba, don na ce sai da labari mai daɗi a bakina. Ranar na sha ruwa a ƙofar ɗakin haya ina jin motocin Shagari suna wucewa.

Ana cikin mako na biyu da baza su, wata safiya zaƙi ya nuna sha huɗu, soda ta tsaya a bakwai. Talatin da ɗaya. Na sake, haka. Na kira Alhaji ya ce a markaɗa. Inna ta leƙo ta ga fuskata ta ce, "Ya shiga?" Na ce ya shiga. Ta ce to in tashi in tafi, me nake jira. Aka kunna inji, ruwan ya fito jawur mai kauri, rumfar duk ta ɗauki ƙamshi. Da aka dafa aka ɗura, na ɗauki kwalba biyu na sa a jaka, na roƙi izinin tashi da wuri.

A mota ina ta shirya maganar da zan yi. Zan ce masa mangwaronsa ne ya fi na kowa ƙamshi a wannan makon, kuma gaskiya ne. Zan ce lokaci kawai ya rage masa. Na ma shirya yadda zan yi shiru idan ya fara faɗa, in bar shi ya gaji.

Na isa Shagari ana gab da shan ruwa. Na same shi a ƙofar gida yana alwala. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da fara'a sosai, har ya tambaye ni hanya da aiki da mutanen Bodinga. Na gaya masa labarin a tsaye, da lambobin duka. Ya saurara har na gama.

Ya ce, "To madalla. Allah shi yi albarka. Sannu da ƙoƙari, Malam."

Na miƙa kwalaben, ya karɓa ya yi godiya, ya ajiye a gefe. Na ɗaga ƙafa zan shige ciki in gaida matarsa, sai ya riga ni, ya ɗaga murya ta kan katanga ya ce a kawo sabuwar tabarma zaure, an yi baƙo. Aka shimfiɗa mini. Aka kawo kunu da ƙosai da tuwo da miyar nama a kwanonin da ake ajiyewa saman kabad, waɗanda ban taɓa ganin an ci abinci a cikinsu ba. Ya zauna ya sha ruwa tare da ni, ya ce in ci in ƙoshi, shi zai leƙa ciki. Na zauna da kwanonin a gabana. Ta bayan bango ina jin ƙarar cokula da muryar matarsa, da shi kansa yana yi wa wani faɗa a kan an bar akuya ta shiga rumbu. Faɗan nan na yi ta saurare, ina jin da ma ni ake yi wa. Abincin ya yi daɗi ƙwarai, na ci abin da na iya.

Har yau ban ga inda na yi kuskure a awon ba, kuma da za a sake kawo motar, daga ƙasan kwando zan ɗiba. Shi ma na san ya sani, tun ranar da ya shanye kofin nan. Ina ganin abin da ya kasa haɗiyewa ke nan. Sanin haka bai rage mini komai ba a zauren.

Da muka dawo daga magariba na ce zan koma, ina jiran ya ce ina za ni, ɗakina yana nan. Sai ya ce to, kada in rasa mota. Ya shiga ya ɗauko hularsa, ya karɓi jakata ya riƙe mini, muka bi ta kasuwa yana tafiya a gefena yana nuna mini sabbin shagunan da aka gina. Tun da nake zuwa gidan nan ba a taɓa raka ni ba, fita nake yi in ce na tafi, wani ya amsa daga ɗaki. Ranar sai da ya kai ni har bakin titi, ya tsayar da mota da kansa, ya buɗe mini ƙofa, ya miƙo jakar ta taga.

Ya ce, "Mun gode da ziyara. A gaida mutanen gida."

Motar ta tashi. Har muka wuce gonakin bakin gari ina tunanin wa zan gaisar.